Ciki a Wajen Mahaifa: Jinin da Ke Zuba Inda Ido Ba Ya Gani

A gidajenmu, idan mai ƙaramin ciki ta fara zubar da jini, da ido ake auna haɗarin. Ana duba zani nawa ta jiƙa, ƙunzugu nawa ta sauya, gudaji ne ke fita ko tsinkakken jini. In ya yi yawa a nemi mota, in ɗan ɗigo ne a ce ta kwanta ta huta. Wannan ma'aunin yana aiki a kan ɓari, amma akwai cikin da yake yaudarar kowa da shi. Mace za ta iya rasa rabin jinin jikinta alhali abin da ya ɓata zaninta bai cika cokali biyu ba, domin jinin cikin cikinta yake zuba, yana taruwa a tsakanin hanji. Wannan shi ne ciki a wajen mahaifa, wanda wasu ke kira cikin bayan mahaifa, likitoci kuma su ce ektofik. A cikin kowane ciki 100, ɗaya zuwa biyu irinsa ne, kuma yana sahun gaba a cikin abubuwan da ke kashe mata a watanni ukun farko na ciki.

Ba a cikin mahaifa ake fara samun ciki ba. A kowane gefe na mahaifa akwai bututu mai tsawon kamar santimita 10, ɗaya a dama ɗaya a hagu, bakinsa a buɗe kusa da ma'ajiyar ƙwai. Idan ƙwai ya fito, bututun ne ke cafke shi, a cikinsa kuma yake haɗuwa da maniyyi. Daga nan sai wasu ƙananan gasu da ke shimfiɗe a bangon bututun su riƙa tura shi a hankali, kwana uku zuwa huɗu, har ya faɗa mahaifa ya maƙale a jikinta. Hanyar matsattsiya ce ƙwarai. A wani wurin ramin bai fi kaurin tsinken tsintsiya ba. In tabo ya tsuke hanyar, ko gasun sun lalace, ƙwan zai makara. Shi kuwa ba ya jira. Ranar da lokacin maƙalewarsa ya yi, duk inda ya tsinci kansa nan zai kafa saiwa. Fiye da kashi 90 cikin 100 na irin wannan ciki a bututu yake zama. Sauran kan zauna a ma'ajiyar ƙwai, ko bakin mahaifa, ko tabon tiyatar haihuwa ta baya, ko cikin ciki a jikin hanji.

Mahaifa tsoka ce mai kauri da aka halitta don ta buɗe har ta ɗauki jariri. Bututu kuwa bangonsa siriri ne, ba ya miƙewa sosai, ga jijiyoyin jini kewaye da shi. Mabiyiya tana haƙa cikin bangon tana neman jini, cikin yana girma, bututun yana kumbura. Wani yakan fara tsiyayar da jini kaɗan-kaɗan ta bakin bututun na tsawon kwanaki. Wani kuma yakan tsage farat ɗaya. Galibi abin yana bayyana tsakanin mako na 6 da na 8 daga ranar da al'adar ƙarshe ta fara, wato makonni biyu zuwa huɗu bayan ɓatan wata. Wanda ya zauna a kusurwar da bututu ya shiga jikin mahaifa yakan daɗe bai fashe ba, har ya kai wata uku, in ya fashe kuma jininsa ya fi na kowanne yawa.

Me ke lalata bututun? Babban dalili shi ne ciwon sanyin da ya haura daga farji zuwa mara, musamman na ƙwayoyin kilamidiya da gonoriya. Kilamidiya takan zauna a jikin mace ko mijinta ba tare da wata alama ba, tana ɓarna a ɓoye. Haka ma ƙwayoyin cutar da ke shiga bayan haihuwa ko ɓari ko wankin cikin da ba a yi da tsabta ba, da tiyatar da aka taɓa yi a mara, da afendis ɗin da ya taɓa fashewa, da shan taba. Wadda ta taɓa yin irin cikin ita ce ta fi kowa haɗarin sake yi. Amma kada a rataya a kan wannan jerin, domin kusan rabin matan da abin ke samu ba su da ko ɗaya daga ciki. Ba ɗaukar kaya mai nauyi ke kawo shi ba, ba daka ba, ba kwanciya a gefe guda ba.

Yadda yake zuwa

Bari mu bi misali ɗaya daki-daki, irin wanda duk likitan mata ya saba gani. Mace ce 'yar shekara 27, mai 'ya'ya biyu. Al'adarta ta yi jinkirin kwana goma, sai ta ga jini, baƙi-baƙi, tsinkakke, kaɗan, yana zuwa yana ɗaukewa. Ta ce a ranta al'adar ce ta zo a makare, ta ɗauke sallah, ta cire zancen ciki daga lissafi. Nan ne tarkon farko. Jinin nan daga mahaifa yake, amma ba haila ba ne. Da cikin ya shiga, mahaifa ta yi kauri tana jiran baƙon da bai iso ba, da sinadaran cikin suka gaza riƙe wannan shimfiɗar sai ta fara zubewa. Wani lokaci ma shimfiɗar kan fito gaba ɗaya a matsayin tsoka, a duba a ce ai ɓari ne, ya fita, Allah ya mayar da alheri, alhali cikin yana nan a bututu.

Bayan kwana biyu sai ciwo ya kama ta a ƙasan mara, gefen dama kawai. Da farko nauyi ne da ɗan murɗa, daga baya ya koma suka. Maigida ya je kemis ya yi bayani, aka ba shi maganin taifod da na kashe zafi. Ciwon ya lafa, ya dawo. A rana ta huɗu ta fara jin kamar bayan gida ya matse ta, ta je ta tsuguna ba abin da ya fito sai ɗan zawo. Da ta miƙe sai jiri ya ɗebe ta, ganinta ya dushe, gumi mai sanyi ya keto mata, ta dafa bango ta sulale. Da aka kwantar da ita ta farfaɗo, sai kuma ta shiga kukan kafaɗarta ta dama tana ciwo.

Kowace alama a nan tana da dalilinta. Ciwon gefe ɗaya bututun da ya kumbura ne. Idan ya watsu ko'ina a ciki har ba ta son a taɓa, jini ne ya malala yana ƙona rufin cikin ciki. Jin bayan gida kuma jinin ne ya gangara ya taru a wani lungu da ke tsakanin bayan mahaifa da dubura, yana danna ta. Ciwon kafaɗa shi ya fi ruɗa mutane, don ba wanda zai haɗa kafaɗa da mara. Idan mace ta kwanta, jinin yakan gangara sama ya taɓa tantanin da ya raba ciki da ƙirji. Jijiyar da ke kai saƙo daga wannan tantanin a wuya take shiga laka, wuri ɗaya da jijiyar fatar kafaɗa, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka kafaɗar ce ke ciwo. Mai ɓatan wata da ta ce kan kafaɗarta na ciwo, musamman in ta kwanta ko ta ja numfashi, ba tausa take bukata ba.

Jiri kuwa shi ne alamar da ta kamata ta tada kowa tsaye. Mace tana da jini kamar lita 4 zuwa 5 a jikinta. Idan ya fara raguwa, jikin matashiya mai lafiya yakan yi dabara: zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyin hannu da ƙafa su tsuke don a tura ragowar jinin zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya. Shi ya sa tafin hannunta ke sanyi, leɓenta da cikin idonta su yi fari. Da wannan dabarar za ta iya rasa lita guda ko fiye, tana magana, tana amsa gaisuwa, awon bugun jininta yana nuna lafiya lau. Tana kwance jinin yana isa kai. Tana miƙewa sai ya gaza hawa, jiri ya kwashe ta. Ma'ana, kafin jiri ya zo an riga an yi asarar jini mai yawa, kuma dabarar jikin ta kusa ƙarewa. Idan ta ƙare ba a hankali abin ke saukowa ba. Wadda ake hira da ita yanzu, bayan rabin sa'a tana iya zama ba ta san wanda ke kanta ba.

A nan ne ake ɓata lokaci mafi tsada. Mace ta faɗi a banɗaki, wani ya ce iska ce, a kawo hayaƙi da tofi. Wata ta ce yunwa ce, a dama mata kunu. Wani ya kira mai allura ya ɗaura mata ruwa a gida, ta ɗan ji dama, kowa ya yi hamdala, jijiyar da ta tsage kuwa tana ta zuba. Ba mai hana addu'a, amma a yi ta a cikin mota. Abin yi a gida kaɗan ne: a kwantar da ita, a ɗaga ƙafafunta a kan matashi, kada a ba ta abinci ko abin sha domin mai yiwuwa tiyata za a shiga, kada a murza cikin. Sannan a wuce kai tsaye asibitin da ake tiyata kuma ake ƙarin jini, ko da akwai ƙaramin asibiti a kusa, a kuma tafi da maza biyu ko uku da za su iya ba da jini. Ni a ganina, duk maigidan da sana'arsa ke raba shi da gida ya kamata ya bar izini a buɗe tun kafin buƙata ta taso: in irin wannan ta faru a fita da ita, ba sai an same shi a waya ba.

A gaban likita

Da aka iso da matar nan, abin da nas ta fara yi shi ne kama wuyan hannunta. Bugun zuciya 124 a minti, bugun jini 90 bisa 60. Likitoci suna da ɗan lissafi mai sauƙi a nan: idan adadin bugun zuciya ya kai ko ya zarce lambar sama ta bugun jini, to jini ya zuba da yawa. Nata ya zarce da nisa.

"Hajiya, yaushe rabonki da al'ada?"

"Satin da ya wuce na yi, likita."

"Yadda kika saba yi ta zo? Ranarta ta zo, kuma yawanta ɗaya?"

"A'a, ta makara, kuma ba ta yi yawa ba."

Tambaya ta biyun ita ce ta buɗe zancen. Ko da ta rantse ba ta da ciki, likitan kirki zai yi gwajin. Dokar da ake koya wa ɗaliban likitanci ita ce duk macen da ke shekarun haihuwa, ta zo da ciwon ciki ko suma, a gwada fitsarinta. Mai goyon da al'adarta ba ta dawo ba tana iya ɗaukar ciki. Mai shan maganin tazarar haihuwa ma haka. Wadda aka sa wa roba a mahaifa ko aka ɗaure wa bututu da wuya ta yi ciki, amma in har ya shiga, yiwuwar ya zauna a waje tana da yawa. Ga kuma kunya: amarya mai cikin fari ba za ta buɗe baki a gaban uwar miji ba, budurwa da bazawara kuma sun fi ta dalilin yin shiru. Don haka idan likita ya ce 'yan rakiya su ɗan ba shi wuri, a fita ba tare da jin haushi ba.

Tsinken gwajin fitsari, wanda ake sayarwa a kowane kemis, yana neman wani sinadari ne da mabiyiya ke fitarwa, wanda ake rubutawa hCG a takardar asibiti. Ko a ina cikin ya zauna yana fitar da shi, saboda haka tsinken yakan nuna layi biyu, ko da na biyun ya yi dishi-dishi. Abin da tsinken ba zai faɗa ba shi ne inda cikin yake. Wannan aikin sikanin ne.

Matar nan ba ta iya tashi yin fitsari ba, sai da aka sa mata roba aka ɗiba. Layi biyu. Aka ɗora na'urar sikanin a cikinta: mahaifa wayam, ga baƙin ruwa a bayanta, ga shi har ƙarƙashin hanta. Ruwan da ya kai can sama yana nufin jinin ya yi yawa. A asibitin da babu na'ura, likita yakan soka allura ta mara ko ta bayan bakin mahaifa ya zuƙo. In jini ya fito, aka ajiye shi bai daskare ba, to jinin da ya riga ya taru a ciki ne, ba na jijiyar da allurar ta huda ba. In ba a samu komai ba, wannan bai wanke ta ba. Haka awon yawan jini, wanda ake rubutawa PCV, yana iya fitowa da kyau a sa'o'in farko, domin jinin da ya rage a jijiya bai riga ya tsinke ba.

Daga nan babu sauran bincike. Aka sa mata manyan allurai biyu a hannu, ruwa yana gudu, aka ɗebi jini don gwada rukuninsa, likita ya fito wurin maigida da takardar sa hannu.

"Malam, cikin ba a mahaifa yake ba, kuma ya fashe. Yanzu za mu shiga da ita."

"Likita, ba za a bari ta ɗan yi ƙarfi tukuna ba?"

Kusan kowane miji yakan yi wannan tambayar, kuma da kyakkyawar niyya yake yi. Amsar ita ce ba za ta yi ƙarfi ba sai an ɗaure inda jinin ke fita. Duk ledar da aka ƙara mata kafin nan cikin ciki za ta bi. Ana ƙarin jini ana tiyata ne a lokaci guda. Da aka buɗe cikin an kwashe jini da gudaji kusan lita biyu, aka kama bututun dama da ya tsage, aka ɗaure aka cire shi. Minti kaɗan bayan ɗaurewar bugun zuciyarta ya fara sauka. A asibitoci da dama na Afirka inda jini ke wuya, idan jinin da ya taru sabo ne kuma babu alamar ƙwayar cuta, akan kwashe shi, a tace, a mayar mata ta jijiya.

Aikin ɗaure bututu a cire shi ya kusa shekara ɗari da hamsin. Wani likitan tiyata a Birmingham ta Ingila, Lawson Tait, shi ya fara yin sa cikin nasara a 1883. Kafin nan mafi yawan matan da bututunsu ya fashe kallonsu kawai ake yi. Sanin cewa ciki na iya zama a wajen mahaifa kuwa ya girmi haka nesa, domin Abul Ƙasim al-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba da ya rasu wajen 1013, ya ba da labarin matar da ƙasusuwan ɗan tayi suka fito mata ta wani ƙurji a ciki.

Da ta zo tun ranar farko

Yanzu mu mayar da agogo baya, mu ce matar ta zo asibiti ranar da ciwon ya fara, da ƙafarta, ba jiri. Wannan shi ne binciken da ya fi wuya, kuma a nan ake yawan kuskure. Gwajin fitsari ya nuna ciki. Sikanin da ya dace a wannan mataki shi ne wanda ake shigar da siririyar na'ura ta gaba, domin tana kaiwa dab da mahaifa da bututu. Mata da yawa suna ƙyamarsa, ana kuma iya neman mace ta yi, amma ba ya taɓa cikin, kuma yana ganin jakar ciki tun kusan mako na 5, kamar mako guda kafin na kan ciki ya gan ta. Idan aka ga jaka a cikin mahaifa da alamar ɗan tayi a cikinta, hankali ya kwanta, domin samun ciki biyu, ɗaya a ciki ɗaya a waje, abu ne mai wuyar gaske sai ga waɗanda aka yi wa dashen ƙwai. Idan aka ga ƙullutu a gefen mahaifa, dabam da ma'ajiyar ƙwai, an kama shi.

Sau da yawa kuwa ba a ganin ko ɗaya. Takarda ta fito: mahaifa babu komai. Mace ta koma gida da murna ko da baƙin ciki, tana cewa an yi sikanin ba a ga komai ba. Wannan jumlar ba albishir ba ce. Gwaji ya ce akwai ciki, mahaifa kuma wayam, abu uku ne: ko cikin ya yi ƙanƙanta da a gan shi, ko ya riga ya zube, ko yana waje. Har sai an tantance, na ukun ake ɗauka. Akwai ma wani tarkon: ɗan ruwa ko jini yakan taru a tsakiyar mahaifa ya yi kama da jaka, mai sikanin da bai ƙware ba ya rubuta ƙaramin ciki, mako biyar, a dawo bayan wata guda.

Abin da ke raba gardama shi ne auna hCG a jini sau biyu, sa'o'i 48 tsakani. Mu ce na farko ya nuna 1,100. Lafiyayyen ciki a mahaifa, a wannan matakin, yakan ƙaru da kusan kashi biyu cikin uku ko fiye a kwana biyu, wato ana sa ran ganin 1,800 ko sama. Ɓarin da ya kammala kuma yakan faɗi da rabi, ya koma wajen 550 ko ƙasa. Nata ya dawo 1,250. Bai hau yadda ya kamata ba, bai kuma sauka ba. Wannan jan ƙafar ita ce ɗabi'ar ciki a waje, ko da yake wasu sukan hau kamar lafiyayye, shi ya sa lamba kaɗai ba ta yanke hukunci. Akwai kuma wani ma'auni: idan sinadarin ya wuce wajen 1,500 zuwa 2,000 amma sikanin ta gaba bai ga jaka a mahaifa ba, zargin ya yi ƙarfi. Aka maimaita mata sikanin, wannan karon aka ga ƙullutu mai santimita 2 a gefen dama, ba jini a ciki. Inda shakka ta ƙi ƙarewa, akan leƙa cikin da kyamara ta wata 'yar huda a cibiya, a kuma yi aikin ta nan in an same shi. A tsawon kwanakin jiran nan, sharaɗin shi ne in ciwo ya ƙaru ko jiri ya zo, ta dawo a take, ko tsakar dare ne, ba sai ranar da aka rubuta mata ba.

Ribar zuwa da wuri ita ce ana iya kauce wa wuƙa. Idan bai fashe ba, ƙullutun bai kai santimita 3 da rabi ba, babu bugun zuciya a cikinsa, sinadarin bai yi yawa ba, matar kuma za ta iya zaryar asibiti, akan yi mata allurar metotireksat, wadda ke tsayar da girman mabiyiya har jiki ya shanye abin da kansa. Ana lissafa ta da tsawo da nauyin mace. Matsakaiciya takan samu wajen miligiram 80. Sai a auna sinadarin a rana ta 4 da ta 7, ana neman ya faɗi da aƙalla kashi 15 cikin 100 tsakaninsu. In ya tashi daga 1,400 ya koma 1,050, ya faɗi da kashi 25, magani ya ci. Daga nan awo ne duk mako har ya ɓace. Bututun yana iya fashewa ko a cikin wannan jiran, don haka allurar ba ta dace da wadda gidanta ke nesa da asibitin tiyata ba. Ba a yi wa mai shayarwa, kuma ana jinkirta sabon ciki wata uku bayanta. Kaɗan daga cikin irin wannan ciki, masu ƙaramin sinadari da ke sauka da kansa, sukan bushe ba magani, amma a ƙarƙashin idon likita ake barin su.

Abu biyu ba sa aiki, kuma suna cinye lokaci. Wankin ciki mahaifa yake sharewa, cikin kuwa ba a can yake ba. Ƙwayar miso da ake ba masu ɓari ita ma mahaifa take matsawa, ba ta kai ga bututu. Duk wadda aka yi wa ɗayansu, ciwon gefe ɗaya bai tafi ba, ko gwaji ya ci gaba da nuna ciki, to a sake duba ta.

Iyalai sukan tambaya ko ba za a ɗauko cikin a mayar da shi mahaifa ba. Babu wannan aikin a ko'ina a duniya. Da zarar an raba mabiyiya da inda ta kafu, shi ke nan, cikin bututu kuma ba ya kaiwa ga haihuwa ko an bar shi. Tambaya ta biyu, wadda matar kan yi a hankali bayan kowa ya fita, ita ce ko za ta sake haihuwa. Cire bututu ɗaya ba cire mahaifa ba ne, ma'ajiyar ƙwai biyun kuma suna nan, al'ada za ta dawo cikin mako huɗu zuwa shida. Bututun da ya rage yana iya cafko ƙwai har daga ɗaya gefen. In lafiyarsa ƙalau, mafi yawan mata suna sake samun ciki a mahaifa. In akwai ciwon sanyi a yi maganinsa, ita da maigida da abokan zamanta in akwai, don kada ya cinye bututun da ya saura. Wadda rukunin jininta mai alamar ragi ne, wato negetif, ta tambayi likita allurar da ke kare cikin gaba.

Haɗarin maimaituwa kusan ɗaya ne cikin goma. Saboda haka wadda ta taɓa yi ba ta cikin masu jiran wata huɗu ko biyar kafin su fara awo. Ranar da ta ga ɓatan wata ta gwada fitsari, in ya nuna ta je asibiti da takardar sallamarta ta wancan karon, a yi mata sikanin ta gaba a mako na 6, ko da babu inda ke yi mata ciwo.